Abu na Bakwai a Saƙon Miƙa Aiki

Shekara tara na yi ina tsara aiki a wani kamfanin ɗab'i. Ni ce ke rubuta katin kowane aiki, in faɗi takardar da za a sa, da injin da zai buga, da ranar da za a kai wa mai shi. Ma'aikatan ɗakin inji ba sa kirana da sunana, Anti Jadawali suke ce min, har na saba. Teburina yana jikin tagar gilashi da ke kallon injinan, kullum da ƙamshin tawada a hancina.

A ɗaya ɓangaren ofis ɗin akwai mai kula da kwastomomi, wanda kowa ke kira Mai Kwat, domin ko ana zafin da ƙarfe zai narke ba ya rabuwa da kwat. Ƙa'idar kamfanin ita ce in ɗayanmu ya tafi hutu, ɗayan ya riƙe masa aiki.

Bara shi ya fara tafiya. Abin da ya bar min layi uku ne a waya: yana gaisuwa, komai na tafiya daidai, in wani abu ya taso in duba aljihun teburinsa. Ashe wata makaranta ta kira shi tun kafin ya tafi, ta ce an matso da ranar taronta da mako guda, littattafan taron su iso da wuri. Bai rubuta ba, bai faɗa min ba. Ranar taro ta zo, littattafai suna kan teburin ɗinki ko bango ba a sa musu ba.

Da ya dawo aka tara mu a ofishin Manaja. Mai Kwat ya gyara wuyan riga, ya dube ni ido cikin ido.

“Ranka ya daɗe, na faɗa mata da bakina, a bakin matakala. Wataƙila aiki ne ya yi mata yawa ta manta. Ka san mata da hidimar gida.”

Na rantse har muryata ta dushe. Manaja ya ce, “Kina da shaida?” Ba ni da ita. Shi ma ba shi da ita, amma shi ya iya magana, ni kuwa hawaye ne suka ci amanata a gaban mutane. Aka sa min takardar gargaɗi a fayil. Kujerar shugaban sashe da aka yi wata shida ana ce min tawa ce, bayan wata biyu aka ba shi. Ranar da aka sanar har teburina ya zo, ya ce, “Anti, a yi haƙuri, rabo ne.” Na yi murmushi na ce Allah ya taya riƙo. A zuciyata kuwa na yi ƙwafa, na ajiye abin a inda ba zai ruɓe ba.

Bana aka sa wa Mama ranar aikin gwiwa. Na nemi hutun mako uku, Manaja ya sa hannu, ya ce in miƙa wa Mai Kwat aikina kafin Juma'a.

Ranar Laraba da yamma na je gidan Mama, na tarar da Yayata tana haɗa mata kayan asibiti a jaka. Na zauna a bakin gado na faɗa mata abin da ke raina.

“Yaya, layi uku zan bar masa. Irin nasa. Ya ɗanɗana.”

Yaya ta ajiye tawul ɗin da take naɗewa. “Ke dai har yanzu ba ki yi wayo ba. In kin ɓoye masa abu aka yi ɓarna, wa za a kama? Mai takardar gargaɗi a fayil, ko shugaban sashe?”

“To in zuba masa ido ya ci bulus?”

“Ni ban ce ba. Na dai ce kar ki ba shi igiyar da zai ɗaure ki.”

Mama da muke zaton barci take ta buɗe ido ɗaya. “Ku biyun nan tun kuna yara in kuka haɗa kai sai na ɓoye ashana. Wa za a ƙona kuma?”

Muka yi dariya muka ce ba kowa. Amma maganar Yaya ta zauna min. A hanyar gida na tuna wani hali na Mai Kwat da kowa ya sani a ofis: ba ya karanta saƙon da ya wuce tsawon allon wayarsa. Sai ya leƙa farko, ya ce ya gani, ya wuce. Manaja kansa ya taɓa yi masa tsiya a kan haka.

Washegari na zauna na rubuta saƙon miƙa aiki mafi kyau da aka taɓa rubutawa a kamfanin nan. Awa uku na yi a kansa. Ga yadda ya fara:

“Barka da aiki. Kamar yadda Manaja ya amince, zan tafi hutu daga Litinin mai zuwa har mako uku. Ina roƙon ka riƙe min aikina a wannan lokaci. Na jera mutanen da za ka buƙata, sannan ayyukan da ke ƙasa bisa ranar da kowanne zai fita. Don Allah ka karanta har ƙarshe, ka sanar da ni in akwai abin da bai fito ba kafin in tashi ranar Juma'a.”

Sai na jera mutane, kowa da lambarsa a gefe. Mai kawo takarda, da bayanin cewa ba ya ɗaga waya kafin ƙarfe goma. Makanikin babban inji, da ƙaninsa da ake samu in shi ya yi tafiya. Mai zane na saman bene, wanda ba ya tura aiki wurin yin faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora wa zane a ɗaura a inji, sai an kai masa kati. Direban mota. Mai kawo tawada. Na faɗi inda mabuɗin ma'ajiyar takarda yake, da ranar da ake zuwa duba janareta.

Daga nan ayyuka goma sha ɗaya. Na ɗaya katunan wani asibiti, saura yanka. Na biyu fom ɗin makaranta, ana jiran takarda. Haka dai, kowanne da bayaninsa dalla-dalla, har na iso na bakwai, wanda ya faɗo a tsakiyar shafi na uku:

“Na bakwai: kwalin kamfanin sabulu, guda dubu arba'in. Takarda za ta iso Talatar mako na biyu, a buga Laraba, a yanka a naɗe Alhamis da Juma'a, a kai Litinin. Wannan karon ba maimaici ba ne. Sun rage nauyin sabulun daga giram 150 zuwa 125, sun kuma sauya adireshi. Kada a yi amfani da tsofaffin faranti. Sabon zane yana wurin mai zane, gyara na uku. Samfur yana hannun jami'ar sayayyarsu tana jiran a zo a karɓa da sa hannunta. A karɓo, a kai wa mai zane kati, a yi sababbin faranti kafin a hau inji.”

Ban ɓoye ko harafi ba. Ban kuma ja masa layi a ƙasa ba, ban ɗaga shi sama ba. Na bar shi a inda ranarsa ta ajiye shi. Kwalin sabulun nan duk wata uku muke buga shi, shekara huɗu ke nan, da faranti iri ɗaya. Duk wanda ya ji an ce kwalin sabulu, hannunsa da kansa zai rubuta maimaici.

Na tura masa, na sa Manaja a kwafi. Ina kallonsa ta gefen ido. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga, ya ja yatsa sau ɗaya. Minti biyu ba su cika ba amsa ta shigo: “Na gani, komai ya fito. Allah ya ba Mama lafiya.”

Na leƙa ta saman kwamfuta na ce, “Shugaba, ko mu zauna in bi da kai ɗaya bayan ɗaya?”

Ya yi dariya. “Haba Anti, littafi kika rubuta min ai. Aikin nan ba yau na fara ba. Je ki huta.”

Na ce to. Na rubuta masa a saƙo cewa na nemi mu zauna ya ce babu buƙata, kuma ina nan har ƙarfe biyar na Juma'a in ya sake shawara. Wannan ma na sa Manaja a kwafi.

Abu ɗaya ya rage. A al'adata, duk farantin da aka daina amfani da shi nakan sauka ɗakin inji in manna masa jan tef. Babu dokar da ta ce a yi, ni na ƙirƙiro abina. Ranar Juma'a na sauka da tef ɗin a aljihu. Farantan sabulu huɗu suna jingine a ma'ajinsu, an rubuta sunan aikin da alƙalami a jikin takardar da aka naɗe su. Na tsaya a gabansu. Baba Mai Inji, dattijon da ke tuƙa babban inji tun kafin a ɗauke ni aiki, ya ɗago daga inda yake goge abin naɗin tawada.

“'Yata, an tafi ke nan? A gaishe da mai jiki. Akwai abin da za ki bar min?”

“Babu, Baba. Komai yana wurin Shugaba.”

Na hau sama da tef ɗina a aljihu.

Aikin Mama ya yi kyau. Kwana biyar muka yi a asibiti, muka dawo gida aka shiga koya mata tafiya da sanda mai ƙafa huɗu, tana yi tana zagin gwiwar da likitan da mu duka. Talatar mako na biyu da hantsi, ina shanya zannuwan gado, wayata ta yi ƙara. Jami'ar sayayya ta kamfanin sabulu ce.

“Anti, lafiya? Samfur yana kan teburina tun wancan makon, na sa hannu, ba wanda ya zo.”

Na ce, “Wallahi ina hutu, mahaifiyata aka yi wa aiki. Shugaban sashenmu ne ke riƙe da komai. Kina da lambarsa?”

“Na kira shi jiya. Ya ce kar in damu, aikinmu ai a tafin hannunsa yake, Litinin zan ga kaya. Ban ma gama magana ba ya ce ana kiransa a wani layin.”

“To ai kin ji daga bakin shugaba.”

Na kashe waya. Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da kofi a hannu, ta ji komai.

“Gobe za su buga ko?”

“Gobe.”

“Kira ɗaya za ki yi wa dattijon nan mai tuƙa inji, magana ta ƙare.”

“Yaya, ba ke kika ce kar in ɓoye komai ba? Ban ɓoye ba.”

“Na ce ki kare kanki. Ban ce ki tsaya kina kallo mota ta faɗa rami ba. Takarda dubu nawa za a lalatar?”

“Ranar da na tsaya a gaban mutum takwas ina kuka kamar yarinya, wa ya yi kira ɗaya saboda ni? Duk sun san halinsa. Kowa ya sunkuyar da kai.”

Yaya ta ce, “Allah ya kyauta,” ta koma ciki. Na ɗauki wayar na sa a aljihun jaka, na ja zif. Ranar Laraba tun safe na san injin yana gudu. Na san ƙararsa, na san yadda takardu ke zubowa suna taruwa, kore da fari, kowanne da 150 a kusurwa. Na dafa wa Mama ruwan wanka, na gyara mata farce, har waƙa na kama yi. Ta ce, “Yau kuma me aka ba ki?” Na ce daɗin ganinta a tsaye ne.

Litinin ƙarfe sha ɗaya Manaja ya kira. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

“Kin san abin da ya faru? Masu sabulu sun dawo da mota cike. Kwali dubu arba'in, ba ɗaya da za su iya sa sabulu a ciki. Shugaban sashenku ya ce ba ki gaya masa an sauya zane ba.”

“Haka ya ce, ranka ya daɗe?”

“Haka ya ce. Na san kina hutu, amma ki zo yanzu.”

Na yi wanka a tsanake. Na sa rigar da na fi so. Na tsaya a wani shago a hanya aka buga min saƙon kwafi huɗu, da amsarsa, da saƙo na biyu, aka maƙale kowanne.

Kwalayen na fara gani, an jibge su a farfajiya ɗauri-ɗauri har sun kusa kai taga. A ofishin Manaja na tarar da Mai Kwat, da mai zane, da Baba Mai Inji a tsaye da hularsa a hannu. Mai Kwat bai bari na zauna ba.

“Anti, ni ba na son tone-tone. Amma abu mai muhimmanci irin wannan ai sai ki faɗa min. Kin tafi kin bar ni cikin duhu.”

Na miƙa wa kowa kwafinsa, shi ma na ba shi nasa da hannu biyu.

“Ranka ya daɗe, shafi na uku, abu na bakwai. Kai ma an sa ka a kwafi, yana cikin akwatin saƙonka tun ranar Alhamis ɗin.”

Manaja ya sa tabarau. Ya karanta a zuci, sannan ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai koya wa yara. Da ya zo “kada a yi amfani da tsofaffin faranti” sai ya maimaita. Ina kallon gumi yana tsattsafowa a goshin Mai Kwat, yana gangarowa cikin wuyan rigar nan.

“Ranka ya daɗe, saƙon ya yi tsawo. Shafi huɗu fa. Abu irin wannan kamata ya yi a sa shi a sama.”

“Ka rubuta ka gani, komai ya fito. Ga shi nan. Ka gani ko ba ka gani ba?”

Manaja ya buɗe saƙo na biyu.

“Ta ce ku zauna ta bi da kai, ka ce babu buƙata. Haka ne?”

“Lokacin ina da baƙi...”

Mai zane ya ce a hankali, “Ni dai ba a kawo min kati ba. Gyara na uku yana nan a kwamfuta tun sati uku.” Baba ya ciro katin aikin daga aljihu ya ajiye a tebur. Rubutun Mai Kwat ne, da sa hannunsa: maimaici.

Manaja ya ce, “Jami'ar sayayyarsu ma ta ce ta kira ka, ka katse ta.”

Nan na ga damata, ban kuwa bar ta ta wuce ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, ina da roƙo ɗaya. Bara ka tambaye ni shaida, ban da ita. Yau an ce ban faɗa ba, ga shi a rubuce na faɗa. Bara an ce an faɗa min a bakin matakala. Ina so ka sake auna maganar nan.”

Manaja ya cire tabarau ya dubi Mai Kwat. “Bara ka faɗa mata?”

Mai Kwat ya dubi ƙasa. Wallahi na ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina, irin na mai ƙishi da ya samu ruwa. Shekara guda ina jiran in ga saman kan mutumin nan.

Ba a kore shi ba. An sauke shi daga shugabancin sashe, aka ba shi takardar gargaɗi, aka cire tawa daga fayil a gabana. Kujerar ba a ba ni ba, Manaja ya ce zai riƙe da kansa zuwa ƙarshen shekara. Kamfanin sabulu ya yarda a sake bugawa cikin mako guda, da sharaɗin in aka kuma sun tafi ke nan.

Ina fitowa Baba Mai Inji ya biyo ni har gindin matakala.

“'Yata, tsaya. Ranar Juma'ar nan da kika sauko, na ga kin tsaya gaban farantan.”

“Na tsaya, Baba.”

“Shekara tara ban taɓa ganin kin bar mataccen faranti babu jan tef ba. Shi ya sa ban yi tambaya ba da na ga katin. Na ce da an sauya, da Anti ta manna.”

Na ce, “Na rubuta komai, Baba.”

“Kin rubuta. Shi kika rubuta wa.” Ya mayar da hularsa. “Abin da ya yi miki bara bai kyauta ba, ni ma ina wurin, ban yi magana ba, wannan laifina ne. Amma Asabar da Lahadi ɗin nan da za mu yi a kan inji, ni da mutanena ne za mu yi su, ba shi ba. Jikata ake sallamowa daga asibiti ranar Asabar.”

Ya juya ya shige ɗakin inji. Maganar ta soke ni, ba zan yi ƙarya ba. Na tsaya riƙe da ƙarfen matakala har na ji an tayar da inji.

A bakin ƙofa na ci karo da Mai Kwat, yana tsaye kusa da tarin kwalayen. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Kin san ba zan karanta ba.”

“Na sani.”

“Da gangan ke nan.”

“Da gangan na rubuta maka duk abin da kake buƙata, da lambar kowa, da ranar komai. In kana so ka koma ciki ka kai ƙarata a kan haka, Manaja yana nan.”

Na wuce na tari mota.

A gida Yaya ta tare ni tun daga ƙofa, na ba ta labari tiryan-tiryan, har da maganar Baba. Ta ce, “To yanzu hankalinki ya kwanta?” Na ce ya kwanta, kuma in aka mayar da ni baya zan sake, sai dai dattijon nan ne ban san yadda zan dube shi ba.

Ranar Asabar, da sauran kwana biyu a hutuna, na bar Mama a hannun Yaya na tafi kamfani. Na cire mayafi na rataye, na tsaya a teburin naɗe kwali tare da ma'aikata. Na ce wa Baba ya tafi asibiti da azahar, mataimakinsa zai iya ƙarasa bugun, ni zan tsaya a kan duba launi. Ya dube ni, bai ce na gode ba, bai kuma ce a'a ba. Da azahar ta yi ya wanke hannu ya tafi. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin ya sake ce min 'yata.